Sharhi: Yadda Ake Gano Ranar Hutun da Aka Ɗaura a Kan Litinin ta Ƙarshen Wata

Ranakun hutu da gwamnatoci ke tsayarwa bisa kalandar Miladiyya iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ɗaura a kan kwanan wata, kamar 1 ga Oktoba a Najeriya ko 3 ga Agusta a Nijar, waɗanda ba sa motsawa daga lambarsu, sai dai ranar mako da suke faɗowa a kai ce ke sauyawa daga shekara zuwa shekara. Akwai kuma waɗanda aka ɗaura a kan ranar mako, inda doka ke cewa Litinin ta ƙarshen watan Mayu, ko Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ko Juma'a ta farkon watan Disamba, kuma a irin waɗannan ranar makon ce ke tsayawa wuri ɗaya, kwanan watan yana yawo. Wannan sharhi ya shafi iri na biyu ne, musamman hanyar da mai lissafi zai bi ya gano kwanan watan irin wannan hutu a kowace shekara aka ambata masa, ko da babu kalandar shekarar a gabansa.

Amurka na cikin ƙasashen da suka fi dogara ga wannan tsari. A shekarar 1968 majalisar dokokinta ta zartar da dokar da ta mayar da wasu ranakun hutu zuwa Litinin, Shugaba Lyndon Johnson ya sanya mata hannu, ta fara aiki a 1971, kuma manufar ita ce ma'aikata su riƙa samun kwana uku a jere, wato Asabar da Lahadi da Litinin, maimakon hutun ya faɗo a tsakiyar mako ya datse aiki gida biyu. Tun daga lokacin, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a fagen yaƙi, wadda a da ake yi ranar 30 ga Mayu, ta koma Litinin ta ƙarshen Mayu, ranar haihuwar George Washington kuma ta koma Litinin ta uku ta Fabrairu. Birtaniya ma tana da hutun bankuna a Litinin ta farko da ta ƙarshen Mayu, Ghana na bikin Ranar Manoma a Juma'a ta farkon Disamba, sannan mazauna jihohin Najeriya da ke tsaftar muhalli a Asabar ta ƙarshen kowane wata sun riga sun saba da ƙa'idar, ko da ba su taɓa zama sun lissafa ta ba.

Tushen lissafin gaba ɗaya abu ne guda: a cikin kowane kwana bakwai da suka zo a jere, kowace ranar mako tana bayyana sau ɗaya tak, ba ta ɓacewa kuma ba ta maimaituwa. Saboda haka Litinin ta farkon kowane wata dole ta faɗo tsakanin 1 da 7 ga watan, ta biyu tsakanin 8 da 14, ta uku tsakanin 15 da 21, ta huɗu kuma tsakanin 22 da 28. Irin waɗannan kwanaki bakwai a jere su ne za a kira zango a cikin wannan sharhi, kuma duk dokar da ta ce “Litinin ta kaza” abin da take yi a haƙiƙa shi ne zaɓen zango ɗaya, ta bar wa kalanda ta nuna wace rana ce Litinin a cikinsa. Wannan ne ya haifar da wani abin mamaki a dokar Amurka, domin an haifi Washington ne ranar 22 ga Fabrairu, alhali zangon Litinin ta uku yana ƙarewa ranar 21, ke nan hutun da ke ɗauke da sunan ranar haihuwarsa ba zai taɓa dacewa da ainihin ranar ba. Na Martin Luther King, wanda aka haifa ranar 15 ga Janairu, aka kuma sanya hutunsa a Litinin ta uku ta watan, yakan dace a wasu shekaru, domin 15 ita ce rana ta farko a zangon.

Da zarar an san zangon, aikin da ya rage shi ne gano ranar makon da wata ya kama, wato ranar da 1 ga wata ta faɗo, domin daga nan sauran lissafin ƙirge ne kawai. Idan wata ya kama ranar Asabar ana neman Litinin, sai a ƙirga gaba daga Asabar zuwa Litinin, a samu kwana biyu, a ɗora su a kan 1 ga wata, Litinin ta farko ta zama 3 ga wata. Idan watan ya kama ranar Litinin ɗin kanta, babu abin ƙirgawa, 1 ga wata ce Litinin ta farko, kuma a nan ne masu gaggawa kan yi kuskure su tsallake zuwa 8 ga wata. Bayan an samu ta farko, ana ƙara bakwai a samu ta biyu, sha huɗu a samu ta uku, ashirin da ɗaya a samu ta huɗu.

Gano ranar da wata ya kama yana buƙatar a fara sanin ranar da shekara ta kama, kuma a nan ne tsawon shekara ke shigowa. Shekara ta yau da kullum kwana 365 ce, wato mako 52 da kwana ɗaya, don haka idan bana ta kama ranar Alhamis, baɗi za ta kama ranar Juma'a. Shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29, wadda za a kira doguwar shekara, kwana 366 ce, mako 52 da kwana biyu, sai ta tura shekarar da ke biye da ita gaba da kwana biyu. Ƙa'idar gane doguwar shekara a kalandar da Fafaroma Gregory na 13 ya ƙaddamar a 1582 ita ce, duk shekarar da lambarta ta rabu da huɗu ba saura doguwa ce, ban da shekarun cikar ƙarni, waɗanda ba sa zama dogaye sai sun rabu da 400. Shi ya sa 2000 ta kasance doguwa, 1900 ba ta kasance ba, 2100 ma ba za ta kasance ba.

Mai lissafi yana buƙatar rana ɗaya tabbatacciya da zai riƙe a ka a matsayin mafari, kuma 1 ga Janairu 2001 ta dace da wannan aiki, domin Litinin ce kuma ita ce farkon ƙarni. Idan ana neman ranar da 2027 ta kama, sai a ƙirga shekarun da suka shuɗe tsakani, a samu 26, sannan a ƙirga dogayen shekarun da ke cikinsu, wato 2004, 2008, 2012, 2016, 2020 da 2024, a samu shida, a haɗa su su zama 32. Wannan adadi shi ne yawan kwanakin da farkon shekara ya gusa gaba a cikin mako, amma tun da duk gusawar kwana bakwai tana dawo da mutum ranar da ya baro, sai a raba 32 da bakwai a jefar da cikakkun makonni a riƙe saura kawai, wato huɗu. Kwana huɗu gaba da Litinin Juma'a ce, ke nan 1 ga Janairu 2027 Juma'a ce. Abin lura a nan shi ne ba a ƙirga shekarar da ake nema a cikin dogayen shekarun da suka shuɗe, ko da ita ma doguwa ce, domin ranar 1 ga Janairu ba a kai ga ƙarin kwanan Fabrairunta ba tukuna.

Daga farkon shekara zuwa farkon watan da ake so, hanyar ɗaya ce. Kafin 1 ga Mayu akwai kwana 31 na Janairu, 28 na Fabrairu, 31 na Maris da 30 na Afrilu, jimilla 120, kuma idan aka raba 120 da bakwai ana samun mako 17 da saura ɗaya. Ke nan a shekara ta yau da kullum Mayu yana kamawa kwana ɗaya gaba da ranar da shekarar ta kama, a doguwar shekara kuma kwana biyu. Tun da 2027 ta kama ranar Juma'a, kuma ba doguwa ba ce, 1 ga Mayu 2027 Asabar ce, Litinin ta farko 3 ga wata, sauran kuma 10, 17, 24 da 31.

Wannan jeri ya bayyana wurin da mafi yawan kurakurai ke ɓuya, domin Mayun 2027 yana da Litinin biyar, kuma ta huɗu, wato 24, ba ita ce ta ƙarshe ba. Mutane da yawa, har da masu tsara jadawalin ofisoshi, suna ɗaukar “ta huɗu” da “ta ƙarshe” a matsayin abu guda, kuma zaton nasu yakan yi daidai a shekaru masu yawa, wanda shi ne ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gano shi ba. A 2026, alal misali, Mayu ya kama ranar Juma'a, Litinin ɗinsa 4, 11, 18 da 25 ne, ta huɗun ita ce ta ƙarshe, babu wanda zai lura da wani bambanci. Dalilin saɓanin shi ne mako huɗu kwana 28 ne kacal, don haka wata mai kwana 31 yana da rarar kwana uku, mai kwana 30 yana da rarar biyu, kuma ranakun makon da suka faɗo a kan waɗannan kwanakin rara su ne ke zuwa sau biyar. Su ne kuma ranakun da watan ya fara da su, tun da 29 ga wata rana ɗaya ce da 1 ga wata, 30 da 2, 31 da 3. Saboda haka Mayu yana samun Litinin biyar ne idan ya kama ranar Asabar ko Lahadi ko Litinin, wato kusan shekara uku cikin kowace bakwai.

Hanya mafi aminci ta gano rana ta ƙarshe ita ce a faro daga ƙarshen wata a ƙirgo baya, domin zangon “ta ƙarshe” kwana bakwai ne na ƙarshen watan: 25 zuwa 31 a wata mai kwana 31, 24 zuwa 30 a mai kwana 30, sai Fabrairu da zangonsa ke zama 22 zuwa 28, ko 23 zuwa 29 a doguwar shekara. Wanda ya fi son ƙirgawa gaba yana iya ƙara 28 a kan rana ta farko, idan adadin bai wuce tsawon watan ba shi ne amsa, idan ya wuce sai ya rage bakwai. A Mayun 2027, uku da 28 sun ba da 31, wanda yake cikin watan, don haka hutun sojojin Amurka da hutun bankunan Birtaniya na ƙarshen Mayu za su kasance ranar 31. A shekara mai zuwa bayanta, 2028, wadda ta kama ranar Asabar kuma doguwa ce, Mayu zai kama ranar Litinin, hutun ya faɗo 29 ga wata. Zangon kansa ma'auni ne na tantance amsa: duk wanda lissafinsa ya ba shi 24 ga Mayu a matsayin Litinin ta ƙarshe ya san ya yi kuskure nan take, domin 24 tana wajen zangon, kuma akwai sauran cikakken mako a gabanta.

Bambancin “ta huɗu” da “ta ƙarshe” ya taɓa zama rikicin siyasa a Amurka. Tun daga sanarwar Shugaba Abraham Lincoln ta 1863, al'ada ta tsayar da Ranar Godiya a Alhamis ta ƙarshen Nuwamba. A 1939 shekara ta kama ranar Lahadi, kuma ana iya tabbatar da hakan da hanyar da aka bayyana, ta ƙirgawa baya daga 2001: shekara 62 da dogayen shekaru 16 sun ba da 78, saura ɗaya bayan an raba da bakwai, kwana ɗaya baya da Litinin kuwa Lahadi ce. Kafin 1 ga Nuwamba akwai kwana 304, saura uku, ke nan watan ya kama ranar Laraba, Alhamis ɗinsa suka zama 2, 9, 16, 23 da 30. Da yake 'yan kasuwar ƙasar sun saba buɗe cinikin Kirsimeti bayan Ranar Godiya, kuma tattalin arziki bai gama farfaɗowa daga durƙushewar shekarun 1930 ba, sai suka ga hutu a ranar 30 zai taƙaita musu lokacin ciniki, Shugaba Franklin Roosevelt kuma ya amsa kukansu ya dawo da ranar zuwa 23. Jihohi suka rabu, wasu suka bi shugaban, wasu suka tsaya a kan 30, wasu ƙalilan suka yi hutun sau biyu. A ƙarshen 1941 majalisa ta kashe maganar da dokar da ta ce Alhamis ta huɗu, wadda zangonta 22 zuwa 28 ne, kuma tun da Nuwamba yana samun Alhamis biyar ne kawai idan ya kama ranar Laraba ko Alhamis, dokar da tsohuwar al'adar suna dacewa a kusan shekara biyar cikin bakwai.

Akwai wasu ƙa'idoji da suke kama da waɗannan amma zangonsu ya goce daga jerin 1 zuwa 7 da 8 zuwa 14, kuma su ne suka fi yaudarar mai lissafi. Dokar Amurka ta 1845 ta sanya ranar zaɓen shugaban ƙasa a Talatar da ke bin Litinin ta farkon Nuwamba, abin da mutane da yawa ke taƙaitawa da cewa Talata ta farko, kuma wannan taƙaitawar ba daidai ba ce. Tun da Litinin ta farko tana tsakanin 1 da 7, Talatar da ke bin ta tana tsakanin 2 da 8, don haka a shekarar da Nuwamba ya kama ranar Talata, ba a zaɓe ranar 1 ga wata, sai a jira Litinin ta 7 ta wuce a yi shi ranar 8, kamar yadda ya faru a 2016. Kanada kuma tana hutun Ranar Victoria a Litinin ɗin da ta gabaci 25 ga Mayu, wato zangon 18 zuwa 24, wanda a wasu shekaru yake ba da Litinin ta uku, a wasu kuma ta huɗu: 18 ga wata a 2026, 24 ga wata a 2027. Da yake wannan zango yana ƙarewa daidai inda zangon Litinin ta ƙarshe ya fara, hutun Kanada kullum yana gaban na Amurka da mako ɗaya cur. Darasin aiki a nan shi ne a karanta lafazin dokar a fitar da zangon tukuna kafin a taɓa lissafi.

Manhajojin kalanda na waya da na kwamfuta suna bin wannan rarrabewa sau da ƙafa. A ƙa'idar iCalendar, wadda yawancinsu ke amfani da ita wajen musayar jadawali, ana rubuta Alhamis ta huɗu da 4TH, Litinin ta ƙarshe kuma da -1MO, inda alamar ragi ke nuna a faro ƙirga daga ƙarshen wata. Wanda ya zaɓi “ta huɗu” a manhaja alhali “ta ƙarshe” yake nufi zai ga jadawalinsa yana tafiya daidai har zuwa shekarar da watan ya zo da rana ta biyar, wanda kuma ya zaɓi “ta biyar” zai tarar da cewa a yawancin watanni babu irin wannan rana sam.

Ga mai son duba shekaru masu nisa, tsarin yana maimaita kansa. Tun da shekara tana iya kamawa a ɗaya daga ranaku bakwai, kuma ko dai doguwa ce ko ta yau da kullum, kalanda iri 14 ne kawai ake da su, duk wata shekara kwafin ɗaya ce daga cikinsu. Tsakanin 1901 da 2099, inda kowace shekara ta huɗu doguwa ce ba tare da togaciya ba, kalanda tana dawowa daidai bayan shekara 28, ke nan Litinin ta ƙarshen Mayun 2055 za ta faɗo 31 ga wata kamar ta 2027. Wannan gajeriyar hanya tana karyewa idan lissafi ya tsallaka 2100, saboda rashin ƙarin kwana a wannan shekarar. Zagayen da ba ya karyewa shi ne na shekara 400, wanda ke ɗauke da kwana 146,097, adadin da ya rabu da bakwai ba saura ya ba da mako 20,871.

Lissafin yana da iyaka, kuma iyakar ba ta ilimin lissafi ba ce. Abin da yake bayarwa shi ne ranar da ƙa'ida ta nuna, amma gwamnatin da ta kafa ƙa'idar tana da ikon kauce mata a wata shekara. Birtaniya ta ɗage hutun farkon Mayu na 2020 daga Litinin 4 ga wata zuwa Juma'a 8 ga wata domin cikar shekara 75 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, ta kuma mayar da na ƙarshen Mayun 2022 zuwa Alhamis 2 ga Yuni domin bikin cikar Sarauniya Elizabeth ta Biyu shekara 70 a kan gadon sarauta. Ghana, wadda ke babban zaɓenta ranar 7 ga Disamba, ta sha dawo da Ranar Manoma zuwa watan Nuwamba a shekarun zaɓe, tun da zangon Juma'a ta farko, 1 zuwa 7, yana cin karo da makon zaɓen. Haka nan bai halatta a shimfiɗa ƙa'idar yau a kan shekarun da suka gabaci dokarta ba, domin wanda ya lissafa Litinin ta ƙarshen Mayun 1965 zai samu Litinin ɗin daidai, amma a wancan lokacin ranar tunawa da sojojin Amurka tana kan 30 ga wata ne. Bukukuwan Sallah da Ista kuwa ba sa cikin wannan babi, domin na farko ya dogara ga watannin Hijira da ganin jinjirin wata, na biyu kuma, ko da yake kullum Lahadi ne, ana ɗaura shi a kan cikar wata bisa jadawalin coci, wanda ke iya kai shi ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu a cocin Yamma.